Ribar da Ta Tsaya a Littafi: Yadda Faɗuwar Naira Ta Rage wa Alhaji Dila Goma

A tsakiyar watan Janairun 2024 mota ta sauke wa wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari dila 40 ta atamfa. Za mu riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda yaran shagonsa ke kiransa. Labarinsa na misali ne, an daidaita alƙaluman shagonsa don lissafi ya zo da sauƙi, amma farashin dala da watannin da za a ambata su ne waɗanda kasuwa ta gani a wannan shekarar.

Tun farkon Disamba Alhaji ya biya kuɗin kayan. Kowace dila turmi 100 ce, kowane turmi yadi shida, a kan dala 5 daga wajen mai kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin. Turmi 4,000 ke nan, dala 20,000. A lokacin 'yan canji na Wapa suna sayar da dala wajen Naira 1,200, saboda haka ya zuba Naira miliyan 24. Kuɗin jirgin ruwa, da na kwastam, da na motar da ta ɗauko kayan daga Legas, da na 'yan dako, suka tashi Naira miliyan 4. Jimla miliyan 28. Da ya raba, kowane turmi ya kwanta masa a kan Naira 7,000. Ya ɗora dubu ɗaya, ya sa kuɗi 8,000.

Bai taɓa ganin kaya sun yi gudu irin wannan ba. 'Yan sari daga Katsina da Gusau da Azare suka riƙa ɗaukar dila biyu-biyu. Wani baƙo daga Chadi ya ɗauki biyar bai ko taya ba. Har wani maƙwabcinsa a layi, wanda shi ma irin wannan atamfar yake sayarwa, ya aiko yaronsa ya sayi dila huɗu. Babban yaron shago ne ya fara tsarguwa.

"Maigida, anya ba mu duba farashin nan ba? Na ji an ce dala ta haura 1,400."

"Kai yaro, nawa na saya? Ba 7,000 ba? Ribata ta fito. Ni ba na cikin masu tsawwala wa mutane."

Kafin tsakiyar Fabrairu shago ya yi fayau. Dila 30 an biya kuɗinsu hannu da hannu, dila 10 kuma ya ba tsofaffin abokan ciniki bashi, za su biya bayan Sallah kamar yadda aka saba. Littafi ya nuna ciniki na Naira miliyan 32, riba miliyan 4. Alhaji ya cire miliyan 2 daga ciki, ya biya kuɗin makarantar yara, ya yi cefanen azumi, ya gyara rufin gida. Sauran kuɗin ya bar su a banki, domin masana'antun Sin sun rufe saboda hutun sabuwar shekararsu da ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu, babu wanda zai karɓi oda sai an dawo.

A makon ƙarshe na Fabrairu ya kira ɗan canjinsa. Aka ce masa dala 1,800.

Lissafin da littafi bai nuna ba

Da daddare Alhaji ya zauna da biro. Mai kaya a Sin bai ƙara ko sisi ba, turmi yana nan a dala 5. Amma dala 20,000 da ta ci masa miliyan 24 a Disamba, yanzu sai da miliyan 36. Kuɗin jirgi da dala ake biya, harajin kwastam ma da farashin dala ake lissafa shi, don haka miliyan 4 ta koma wajen miliyan 6. Dila 40 ɗin da ya sayar yana murna, idan yana son ya mayar da su shago, sai ya nemo Naira miliyan 42. Kowane turmi zai kwanta a kan 10,500, shi kuwa a kan 8,000 ya rabu da nasa.

To me yake da shi? Ko da bai taɓa sisi ba, ko da duk masu bashi sun biya a daren, miliyan 32 ce, kuma dila 30 da 'yan kai kawai za ta sayo. Da ya cire miliyan 2 da ya kashe, sai ta koma dila 28 da rabi. Da ya cire miliyan 8 da ke hannun mutane, kuɗin da ke hannunsa miliyan 22 ne, ba za su cika dila 21 ba.

Babu wanda ya yi masa sata. Babu gobara, babu kayan da suka lalace, kuma kowane turmi ya sayar da shi sama da yadda ya saya. Duk da haka mutumin da ya shiga shekara da dila 40 ya wayi gari da ƙarfin dila 30. Wannan shi ne abin da ya kamata kowane mai saye da sayarwa ya riƙe: jarin ɗan kasuwa kaya ne. Naira ma'auni ce kawai da ake auna kayan da ita, kuma ma'aunin nan yana iya ƙanƙancewa a cikin dare ɗaya. Ba a ce an ci riba sai an mayar da adadin kayan da aka sayar cikin shago, sannan abin da ya saura shi ne riba. Manomin da ya sayar da irin da zai shuka baɗi ya ga kuɗi a hannu, amma gonarsa ce ta ragu. Miliyan 2 da Alhaji ya kai gida yana ganin riba ce, daga cikin uwar kuɗi ya yanko ta.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai iya nuna masa wannan tun da wuri. Ribar da ya ɗora Naira 1,000 ce a kan 7,000, wato kashi 14 cikin 100. Tun da kusan duk tsadar kayansa da dala take tafiya, to da zarar dala ta tashi da kashi 14 cikin 100, ribar ta ƙare. Daga 1,200, wannan iyakar tana wajen 1,370. Dala ta tsallake ta tun kafin Janairu ya ƙare. Ranar da yaron shago ya yi magana, a ranar Alhaji ya riga ya fara sayar da kaya a kan faɗuwa, kuma kowace dila da ta fita daga nan tana ƙara zurfin ramin.

Me ya sami Naira?

Najeriya tana samun mafi yawan kuɗin waje ne daga ɗanyen mai, sannan tana kashe su wajen shigo da kaya: tataccen man fetur a wancan lokacin, da alkama, da magunguna, da injuna, da tufafi. Masaƙun da suka tufatar da Arewa, irin na Kaduna da na Kano, yawancinsu sun daɗe da rufewa, shi ya sa mafi yawan atamfar da ke Kwari daga waje take zuwa. Duk wanda zai shigo da ita sai ya nemi dala. Idan masu neman dala suka fi dalar da ke akwai yawa, farashinta zai tashi, ko gwamnati ta so ko ba ta so ba.

Shekaru da yawa Babban Bankin Najeriya ya riƙe farashin hukuma a ƙasa. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a hukumance, alhali a kasuwar bayan fage tana wajen 750. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun dalar hukuma, sai ya tafi Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja. Ranar 14 ga Yuni, 2023, makonni biyu bayan cire tallafin man fetur, Babban Banki ya haɗe hanyoyin canjin, ya saki farashin ya bi kasuwa. A rana ɗaya dalar hukuma ta haura 600, ba da daɗewa ba ta kamo ta bayan fage.

Wannan faɗuwar ta farko ba ta girgiza irin su Alhaji nan take ba, domin dama da farashin 'yan canji suke saye. Ta kwastam ta fara shigo musu, saboda da farashin hukuma ake ƙiyasta darajar kaya kafin a yanka haraji. Kwantenar da ba ta canza ba sai harajinta ya riƙa hawa duk lokacin da aka sabunta farashin. Daga baya dalar ta ci gaba da ƙaranci. Babban Banki yana da tarin alƙawuran dala da bai cika ba, waɗanda aka ƙiyasta da wajen dala biliyan 7, masu kuɗi kuma suka riƙa gudu daga Naira. Giɓi ya sake buɗewa tsakanin kasuwannin biyu.

A ƙarshen Janairun 2024 aka sauya yadda ake lissafa farashin hukuma don ya nuna ainihin cinikin da ake yi. Cikin kwanaki kaɗan ya tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. Ta bayan fage ta ƙara zabura, har ta kai 1,800 da wani abu a ƙarshen Fabrairu. Wannan ce igiyar ruwan da ta doki shagon Alhaji. Daga 1,200 zuwa 1,800, dala ta ƙaru da rabin kuɗinta, Naira kuma ta rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Duk wanda ya kwana da Naira a waɗannan makonni, ko a banki, ko a akwati, ko a hannun mai bashi, ya rasa wannan kason.

Dattawan kasuwa sun ga irin haka a baya. An yi a 1986 lokacin mulkin Babangida, an sake yi a Yunin 2016 da dalar hukuma ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa wajen 280. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram ma suna da nasu tarihin: ranar 12 ga Janairu, 1994, aka raba darajar sefa biyu, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50.

Ramuka uku da ya faɗa

Ramin farko shi ne sa farashi da abin da aka saya jiya. Alhaji yana ganin adalci ne ya ɗora riba a kan kuɗin da ya kashe, kuma a lokacin da Naira ke zaune lafiya babu laifi a haka. Amma idan farashi na motsi, tambayar da ta dace ita ce nawa za a sayo wani irinsa yau. Alamar da ta kamata ta farkar da shi ita ce saurin cinikin kansa. Idan abokin sana'a da ke layi ɗaya da kai ya aiko a sayi kayanka, to ya ga abin da ba ka gani ba. Maƙwabcin nan da ya ɗauki dila huɗu a kan 8,000 ya ajiye su mako uku ya sayar a kan 11,000. Baƙon Chadi ma da dalilinsa: sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro a kan farashi tsayayye, Yuro ɗaya sefa 655.957, don haka duk faɗuwar da Naira ta yi, kayan Kano arha suke ƙara yi masa.

Rami na biyu bashi ne. Kasuwar Kwari da amana take tafiya. Ɗan sari yakan ɗauki kaya ya tafi garinsu, sai ya sayar ya kawo kuɗi, wani lokaci ba tare da ko takarda ba. Alhaji ya bayar da dila 10, aka rubuta Naira miliyan 8. A ƙarshen Fabrairu miliyan 8 ɗin dila 7 da rabi kawai za ta sayo. Masu bashin ba su cuce shi ba, abin da aka rubuta shi za su biya, kuma yawancin malamai a kan haka suke: bashi da adadin da aka karɓa ake biyansa. Sai dai duk ranar da bashin ya ƙara kwana, mai bayarwa ne ke ɗaukar asarar. Ribar kashi 14 cikin 100 ba ta iya ɗaukar bashin wata biyu a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, balle a haɗa da faɗuwar Naira.

Rami na uku shi ne barin kuɗi a zaune. Tun daga tsakiyar Janairu Naira ke shigowa asusun Alhaji kullum, a lokacin da dala ke tsakanin 1,300 da 1,600. Ya jira sai kaya sun ƙare, sai an dawo daga hutu, sannan ya yi canji gaba ɗaya. Da yana tura abin da ya taru kowane mako a matsayin kafin-alƙalami ga mai kaya, ko yana sa shi a asusun dala na banki, da ya tsira da dila da yawa daga cikin goman nan.

Duk da haka akwai wanda ya fi shi shiga uku. Wani matashi a layin nasu ya karɓi kaya irin na Alhaji, ya biya rabi, da alƙawarin cika dala 10,000 bayan ya sayar. A lissafinsa na Disamba, cikon Naira miliyan 12 ne. Ranar biya ya tarar miliyan 18 ake nema. Ƙarin miliyan 6 ya haɗiye ribarsa ta miliyan 4, ya shiga cikin jari da miliyan 2, tun kafin a yi maganar sayo sababbin kaya. Mutumin da ake binsa dala, shi kuma yana bin mutane Naira, wuƙa biyu ce ke yankarsa a lokaci ɗaya.

Tarkon da ke ɗaya ɓangaren

Da Alhaji ya ji ana cewa dala za ta kai 2,000 kafin Sallah, sai tsoro ya kama shi. Hajiya ta ga ya kasa cin abinci.

"Alhaji, ka ɗan dakata mana ka ga yadda abin zai kasance."

"Hajiya, dakatawar ce ta kai ni nan. Idan na ƙara mako ɗaya, ko dila 15 ba zan samu ba."

Washegari ya canza Naira miliyan 18 a kan 1,800, ya sami dala 10,000, ya ba da odar dila 20. Kowane turmi ya ci masa Naira 9,000 tun bai bar ƙasar Sin ba.

A daidai wannan lokacin Babban Banki, ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ya ɗauki matakai masu tsauri. A ƙarshen Fabrairu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin 100, a Maris ya kai shi 24.75. Ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, ya koma sayar wa waɗanda suka rage dala, ya kuma sanar da biyan tsofaffin alƙawuran da ya tantance. Masu zuba kuɗi daga waje suka shigo neman wannan kuɗin ruwa mai tsoka. Naira ta farfaɗo. A tsakiyar Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200.

An fara azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Wannan shi ne babban lokacin cinikin tufafi a shekara, kuma Alhaji ya yi shi da shago kusan wayam, domin kayan da aka yi oda a ƙarshen Fabrairu suna kan teku. Sai a ƙarshen Afrilu dila 20 suka iso. Da kuɗin fito da sufuri, turmi ya kwanta masa a kan wajen 10,000. Masu saye kuwa kowa da maganarsa ɗaya: "Alhaji, ai dala ta sauka." Suna taya 8,000, domin wanda ya yi canji a Afrilu zai iya sayarwa a haka ya ci riba.

Ƙa'idar da ta cuce shi a Janairu saboda ya ƙi bin ta, ita ce ta sake kama shi a Afrilu. Kasuwa ba ta tambayar nawa ka saya, ko dala na hawa ko tana sauka. Wannan karon ya yi haƙuri, bai karyar da kayan ba. A watan Mayu dala ta koma wajen 1,500, farashin turmi ya ɗaga zuwa 10,000, ya sayar ya fid da kuɗinsa babu riba. Masu bashi suka biya a hankali, miliyan 8 ta sayo dila 9. Da damina ta kankama, ƙarfin jarinsa bai kai dila 40 da ya shiga shekara da su ba. A takarda kuwa kuɗinsa ba su yi nisa da na bara ba, wanda bai san ciki ba zai ce Alhaji yana nan yadda yake.

Me ya hana a ƙara kuɗi kawai?

Mai karatu zai iya cewa ai maganin a fili yake, a riƙa ƙara farashi duk lokacin da dala ta motsa. Abin bai kai haka sauƙi ba, domin aljihun mai saye ba ya bin dala. Har zuwa Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 30,000 ne, sannan aka mayar da shi 70,000. Magidancin da man fetur da masara da shinkafa suka riga suka cinye albashinsa, idan aka ce masa turmi 12,000, juyawa zai yi. Wasu sun koma atamfa mai ƙarancin daraja, wasu suka rage yawan kayan lefe, wasu suka ce yara su yi Sallah da na bara. Ɗan kasuwar da ya sa farashin da ya dace da sabuwar dala zai riƙe jarinsa, amma cinikinsa zai ragu, kuɗin haya da abincin yara kuwa ba sa jira.

Saboda haka babu dabarar da za ta sa mai shigo da kaya ya fita daga irin wannan girgizar ba tare da ƙwarzane ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage girman asarar, kuma ya san lokacin da yake yin ta. Akwai ranar da mutum zai zaɓi ya sayar ƙasa da kuɗin mayar da kaya don ya riƙe tsohon abokin ciniki ko ya biya wata buƙata. Wannan shawara ce da ya yanke da idonsa biyu. Abin da ya karya Alhaji shi ne ya yi wata guda yana faɗuwa yana kiran abin riba.

Ya kamata kuma a bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Wanda ya ɓoye abinci don ya haddasa ƙaranci ya tsawwala wa jama'a, ya yi abin da addini ya hana. Wanda kuwa ya sa farashin da zai ba shi damar sake cika shagonsa, ya ɗora riba daidai gwargwado, jarinsa yake karewa. Sai dai gaskiyar wannan hujjar tana bayyana ne ranar da dala ta sauka. Duk wanda ya ƙara kuɗi da sunan dala, sannan ya ƙi ragewa da ta faɗi, ko ya ƙara a kan kayan da babu ruwansu da ita, shi ne ya sa jama'a suka daina yarda da 'yan kasuwa.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Mataki na farko a littafi yake. A gefen shafin Naira, a buɗe wani shafi da ake rubuta jari da adadin kaya: dila nawa, buhu nawa, katan nawa. A ƙarshen kowane zagaye a haɗa kayan da suka rage, da kuɗin hannu, da bashin da ake bi, a mayar da su duka zuwa kaya a farashin ranar. Idan adadin ya haura na farko, abin da ya hau shi ne riba, daga nan ake ɗiban na cefane. Idan ya gaza, to an faɗi, komai yawan Nairar da ke banki.

Na biyu, kowa ya san iyakarsa tun ranar da kaya suka sauka. A raba farashin sayarwa da farashin da kaya suka kwanta, a ninka da farashin dalar da aka saya. Na Alhaji shi ne 8,000 a raba da 7,000 a ninka da 1,200, ya ba da 1,370. A rubuta wannan adadin a inda za a riƙa ganinsa. Ranar da dala ta doshe shi, a ranar ake sake lissafin farashi. Wanda ba ya shigo da kaya da kansa, a Kwari ko a Singa yake sari, ba ya buƙatar lissafin dala. Ya kira wanda yake sari a wajensa ya ji farashin yau kafin ya buɗe shago.

Na uku, a gajarta bashi a lokacin da Naira ke rawa. Wata biyu ya koma mako biyu, ko a karɓi rabi a hannu, ko a rage yawan kayan da ake bayarwa. Ana iya sa wa kayan bashi farashi sama da na hannu, matuƙar an tsayar da shi tun wajen ciniki kuma ba za a ƙara komai ba idan biya ya yi jinkiri. Bashin dala kuwa, kada mutum ya ɗauke shi sai ya san inda dalar za ta fito, kuma duk kuɗin da ya shigo a fara rage shi da su.

Na huɗu, kada a yi canji gaba ɗaya a rana ɗaya, ko don tsoro ko don kwaɗayi. Wanda ya raba sayen dalarsa kashi huɗu a cikin wata ba zai sami mafi arha ba, amma ba zai kwashi mafi tsada da duk jarinsa ba. Alhaji ya yi asara da jira a Janairu, ya sake yin asara da gaggawa a Fabrairu, kuma duka biyun tushensu ɗaya ne: ya ɗora dukiyarsa kaf a kan farashin rana guda. A yi canjin ta banki ko ta kamfanin canji mai lasisi, domin lokacin ruɗani ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Wannan lissafin bai tsaya ga masu kwantena ba. Mai sayar da kayan gyaran babur, da mai kemis, da mai shagon waya, da matar da ke sarin turmi biyar tana kai wa gidajen biki, duk dala tana cikin kayansu ko da ba su taɓa riƙe ta a hannu ba. Duk wanda ke cikinsu, kafin ya cire kuɗi daga ciniki ya kai gida, ya fara tambayar nawa zai kashe yau ya mayar da abin da ya sayar. Abin da ya saura bayan wannan shi ne nasa.